Yadda ake karanta takardar jini a gane ƙarancin ƙarfe daga ƙarancin jinin doguwar cuta

Daga watan Yuli zuwa Oktoba, lokacin da sauro ya yi yawa a ƙasar Tasawa da ƙauyukan Gulbin Kaba na Mayahi, asibitoci kan cika da yara da mata masu farin ido da farin tafin hannu. Magana ɗaya ake faɗa wa kowa: jininsa ya yi ƙasa. Sai dai mutum biyu na iya zuwa da adadin jini iri ɗaya, ɗaya ƙwayar ƙarfe za ta tashe shi, ɗayan ko ya sha ta wata uku babu abin da zai ƙaru. Ana raba su da awo uku, idan an san wanda ake fara dubawa da wanda ba a yarda da shi kai tsaye.

Kafin awo ukun, ana farawa da himogulobin, wanda ake rubutawa Hb a takarda. Shi ne awon da ya fi sauƙin samu, don ƙaramar na'ura da ɗigon jini daga yatsa sun isa. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, namiji babba yana da ƙarancin jini idan Hb ɗinsa bai kai 13 g/dL ba, macen da ba ta da ciki idan bai kai 12 ba, mai ciki da yaro ɗan shekara biyu zuwa biyar idan bai kai 11 ba, sai dai a watanni ukun tsakiyar ciki iyakar 10.5 ce. Awon nan yana faɗin ko akwai ƙarancin da tsananinsa, ba ya faɗin dalili. Idan yaro ya zo da Hb ƙasa da 4, ko ƙasa da 6 yana numfashi da ƙyar, ba a tsayawa neman dalili, maganar ƙarin jini ce a asibitin gunduma. Abu ɗaya kawai za a tuna: a ɗebi jinin gwaji kafin a ɗaura masa leda, don jinin wani yana rikita sakamako.

Idan an yi cikakken ƙidayar jini, wadda takardun Nijar ke kira NFS, sai a dubi layin VGM, wato girman jajayen ƙwayoyin jini. Rashin ƙarfe yana ƙanƙantar da su, su sauka ƙasa da 80 fL ga babba. A ciwo mai daɗewa yawanci girmansu na nan daidai, ko ya ragu kaɗan. Wannan alama ce, ba hukunci ba, domin a Afirka ta Yamma akwai masu gadon ƙananan ƙwayoyin jini, abin da likitoci ke kira talasemiya, kuma ƙarfensu lafiya lau.

Kafin a je ga sauran awo biyun, a fahimci yadda ƙarfe ke zama a jiki. Feritin shi ne rumbun da ake ajiye shi, tiransferin kuma amalanken da ke ɗauko shi ya kai wa ɓargo, inda ake ƙera jini. Mai ƙarancin ƙarfe rumbunsa ya ƙare, sai hantarsa ta ƙara yawan amalanke, suna ta kai da komowa babu kaya. Mai doguwar cuta kuwa rumbunsa a cike yake amma a kulle. Idan tarin fuka, ko ƙanjamau, ko ciwon gaɓɓai, ko zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa ya tada kumburi a jiki, hanta kan fitar da wani sinadari mai suna hefsidin. Shi ke hana ƙarfe fitowa daga ma'ajiyarsa, ya kuma hana hanji tsotsar wanda aka ci. Dabara ce ta hana ƙwayoyin cuta samun ƙarfe, amma ɓargo ma yana shan yunwar. A ciwon ƙoda ma hefsidin yana taruwa, don ƙodar ce ke fitar da shi.

Daga nan karatun feritin ya zo da sauƙi ta fuska ɗaya, da wuya ta ɗaya fuskar. Idan ya yi ƙasa, gaskiya ya faɗa: ƙasa da 15 µg/L ga babba, ko ƙasa da 12 ga yaron da bai kai shekara biyar ba, ƙarfe ya ƙare, babu gardama. Likitoci da yawa ma tun daga ƙasa da 30 suke ɗaukar babba a matsayin mai ƙaranci. Matsalar tana ga adadi mai kyau. Feritin yana tashi da kowane zazzaɓi da kumburi da ciwon hanta, ko da kuwa babu ƙarfen kirki a jiki, kuma bayan zazzaɓin cizon sauro yakan yi makonni bai sauko ba. Shi ya sa a ƙa'idarta ta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga iyakar ga mai kumburi: ƙasa da 30 ga ƙaramin yaro, ƙasa da 70 ga wanda ya wuce shekara biyar. A ganina, duk wanda ya rubuta wa maras lafiya gwajin feritin a damina bai haɗa da awon kumburi na CRP da gwajin zazzaɓin cizon sauro ba, kuɗin mutane ya ɓata. CRP da ya wuce 5 mg/L shi ke cewa a yi hattara da feritin ɗin.

Awo na uku shi ne yawan ƙarfen da ke kan tiransferin, wanda ake rubutawa CST. Wani ɗakin gwajin yana lissafa shi, wani sai ka yi da kanka:

```
CTF (µmol/L) = transferrine (g/L) × 25
CST (%) = fer sérique (µmol/L) ÷ CTF × 100
```

Ga mai lafiya CST yana tsakanin kashi 20 zuwa 45 cikin ɗari. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga ya sauka ƙasa da 20 a ce ai ƙarfe ne ya ƙare. A cututtukan biyu duka yana sauka, domin a duka biyun ƙarfen da ke yawo cikin jini kaɗan ne. Abin da ke raba su shi ne adadin tiransferin ɗin kansa, wanda yawanci yake tsakanin 2 da 3.6 g/L. A ƙarancin ƙarfe yana hawa, a doguwar cuta yana sauka ko ya tsaya a ƙasa-ƙasa.

A ɗauki misalin mace 'yar shekara talatin daga wani ƙauyen Mayahi, wata huɗu da haihuwarta ta biyar. Tana kukan jiri da bugun zuciya in ta ja guga, farcenta sun yi lafe-lafe, kuma in an tambaye ta a hankali za ta ce tana kwaɗayin farar ƙasa. Hb ɗinta 8.4, VGM 68, feritin 6, CRP lafiya. Ƙarfen jininta 4, tiransferin 3.8. Idan aka ninka 3.8 sau 25 an sami 95, a raba 4 da 95 a ninka sau 100, CST ɗinta kashi 4 da ɗan abu. Komai ya tafi hanya ɗaya, ƙarfe ya ƙare. Abincinta tuwon hatsi da fura da wake, waɗanda dusarsu ke riƙe ƙarfe ta hana hanji tsotsa, nama sai ranar kasuwa ko suna, ga haihuwa kusa-kusa.

Sai a ɗauki magidanci ɗan shekara arba'in da biyar daga Tasawa, wata biyu yana tari, yana gumin dare, ya rame. Hb 10.2, VGM 84, feritin 320, CRP 60. Ƙarfen jininsa 5, kusan daidai da na matar, amma tiransferin 1.6 kawai, wato CTF 40, CST kashi 12 da rabi. Wanda ya dubi ƙarfen jini kaɗai zai rubuta masa ƙwaya ya sallame shi. Feritin da ya wuce 100, da tiransferin a ƙasa, da CRP a sama, suna cewa ƙarfen yana nan an tsare shi ne. Abin da yake buƙata gwajin majina da na ƙanjamau. Idan tarin fuka ne aka ɗora shi kan magani, jinin kan biyo baya da kansa. A lura kuma, doguwar cuta kaɗai ba ta cika kai Hb ƙasa da 8 ba. In ya sauka haka, akwai wani abu a tare da ita.

Wanda ya fi wuya, kuma shi aka fi gani a nan, shi ne mai duka biyun. Yaro ɗan shekara uku a watan Satumba, sati biyu da gama shan maganin zazzaɓin cizon sauro. Hb 8.9, VGM 64, feritin 24, CRP 18. Na'ura ba za ta sa alamar ja a kan feritin ɗin ba, tunda ya wuce 12. Amma da kumburi iyakar 30 ce, saboda haka yaron nan yana da ƙarancin ƙarfe wanda zazzaɓi ya ɓoye. Ga babba mai kumburi, feritin tsakanin 30 da 100 tare da CST ƙasa da 20 irin wannan zargin yake jawowa. Idan halin maras lafiya bai matsa ba, a warkar da zazzaɓin, a maimaita gwajin bayan wata ɗaya, sau da yawa feritin da ya nuna arba'in sai ya dawo ƙasa da goma sha biyar.

Jiran yana da dalili. Binciken da aka yi a tsibirin Pemba na Tanzaniya, aka wallafa a 2006, ya nuna cewa raba ƙarfe ga duk yara a wurin da sauro ya yi yawa ya ƙara yawan masu kwanciya asibiti. Don haka ana ba yaro ƙarfe ne tare da gidan sauro, da maganin rigakafin damina da ake rabawa wata-wata, da gwaji da zarar jiki ya yi zafi. Yaron da tamowa ta kwantar ba a ba shi ƙarfe a kwanakin farko na jinya, kuma mai sikila, musamman wanda aka sha ƙara wa jini, ba a ba shi sai feritin ya tabbatar da buƙata.

Ɗibar jinin ma tana iya ɓata duk lissafin. Ƙarfen jini yana hawa da sauka cikin yini, don haka a ɗeba da safe kafin karin kumallo, kuma kada a sha ƙwayar ƙarfe a yinin da ya gabata. Kwalba mai murfi shunayya ta NFS ce, sinadarin cikinta yana kama ƙarfe, in an auna da ita sakamakon zai fito ƙasa a banza. Jinin da ya sha zafi a bayan babur har ƙwayoyinsa suka fashe shi ma ba abin dogaro ba ne.

A ƙananan asibitocin ƙauye, inda Hb da gwajin sauro kaɗai ake iya yi nan take, kuma kai jini Tasawa ko Maraɗi ke nufin kuɗin mota, maganin da kansa yakan zama gwaji. Idan babu zazzaɓi, babu tari, babu alamar doguwar cuta, sai a ba babba ƙwayar da ke ɗauke da miligiram 60 na ƙarfe kullum, a gaya masa ya raba ta da shayi, a kuma faɗa masa tun farko cewa bahaya zai yi baƙi don kada ya tsorata ya daina. Bayan sati huɗu a sake auna Hb. In ya ƙaru da aƙalla 1 g/dL, an kama hanya, a ci gaba har jini ya daidaita, a ƙara wata uku don ma'ajiya ta cika. In bai motsa ba, a tambayi ko ana shan ƙwayar, sannan a nemi inda jini ke zuba: yawan jinin al'ada, tsutsar ciki, gyambon ciki, ko tsargiya ga yaron da ke wanka a tabki. Namiji babba ko tsohuwar da ta daina al'ada kuwa, da zarar an tabbatar ƙarfensu ya ƙare, a tura su a binciki ciki da hanji tun kafin a ga ko ƙwayar ta yi aiki.