Yadda ake bin buhun taki ta hawa huɗu na tsarin ma'aikata

Ƙanena, tunda an haɗa ka da ni a wannan aiki, ajiye kwamfutar tukuna. Tsarin TOGAF na ƙungiyar The Open Group, wanda aka fara fitarwa a 1995, ya kasa kowace ma'aikata hawa huɗu: harka, bayanai, manhaja, sai fasahar da ke ɗauke da su. Haddace sunayen ba wuya. Iya aikin yana ga ɗaukar abu guda ka bi shi tun daga sama har ƙasa. Mu ɗauki kamfanin da ke ba manoman Bichi da Dambatta bashin taki da damina, su biya da hatsi da kaka, a kai Dawanau a sayar. Buhu ɗaya mai kilo 50 za mu bi.

Ka fara da hawan harka, kada ka ambaci na'ura ko sau ɗaya. Je ka zauna da wakilin kamfani a ƙauye ka tambaye shi: wa ke kawo sunan manomi, wa ke tsaya masa, wa ke sa hannu kafin buhu ya bar sito, wa ke karɓar hatsi? Rubuta amsar a jimloli gajeru masu mai aiki da aikinsa: shugaban ƙungiya ya kawo suna, mai unguwa ya shaida, mai sito ya fitar. Duk matakin da mutum biyu suka ce nasu ne, ko wanda kowa ya ce ba nasa ba, ka ja masa layi.

Daga nan ka ja layi a ƙarƙashin kowane suna da ke cikin jimlolin: manomi, gona, buhu, bashi, biya. Hawan bayanai ke nan, kuma a nan nake so ka daɗe. Wane ne manomi? A ƙasar nan gona kan gona take, gida ɗaya yana noman gandu a ƙarƙashin mai gida, 'ya'yansa kuma kowa da gayaunarsa. Idan ka ce manomi ɗaya gona ɗaya, ka yi wa gidan ƙarya. Sai ka raba: gida daban, mutum daban, gona daban, sannan ka faɗi wanda bashi ke hawa kansa.

Na taɓa yin wannan kuskure a wani wuri da na yi aiki. Na ɗauki lambar waya a matsayin shaidar mutum, ashe uba da 'ya'yansa biyu waya ɗaya suke amfani da ita. Uban ya karɓi buhunsa, da babban ɗan ya zo sai allo ya nuna an riga an ba shi. Na ga yaron tsaye a bakin sito da amalanke, hadari ya haɗo, ya juya ba komai. Tun ranar nake ba kowane mutum lambarsa ta kamfani, in jingina ta da NIN mai lamba 11 inda akwai, waya kuwa ta zama hanyar kira kawai. Haka ma awo: ka rubuta ko biya da kilo ne ko da tiya, domin tiyar wannan kasuwa ba lallai ta yi daidai da ta waccan ba. Kowane bayani ka sa masa mai shi guda ɗaya, tunda dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa kamfani alhakin abin da ya tara.

Hawan manhaja yana sauri in na baya sun zauna. Zana jadawali, manhajoji a gefe, bayanai a sama: ta rajista a wayar wakili, ta sito, ta lissafin kuɗi a ofis. A kowane gurbi ka nuna ko manhajar tana ƙirƙirar bayanin ko karantawa kawai take yi. In ka ga biyu suna ƙirƙirar manomi, to za ka tarar da mutum ɗaya sau biyu, an rubuta Abdullahi a nan, Audu a can, bashinsa ya rabu gida biyu.

Sai fasaha: wayoyi, sabis, wutar caji, da na'urar da ke ajiye komai. Tambayi abin da ke faruwa a ƙauyen da sabis ke ɗaukewa. Dole manhajar wakili ta iya ajiye aiki a waya, ta tura in ya dawo gari. Amma wannan yana buɗe ƙofa: kafin a tura, mutum zai iya karɓa a sito biyu rana ɗaya.

Maganin wannan ba a hawan fasaha yake ba, shi ya sa mataki na ƙarshe shi ne ka hau sama da abin da ka gano. Koma wurin masu harka ka nemi ƙa'ida: kowane manomi a ɗaure shi da sito ɗaya tak. In sun yarda, ka ƙara sito a bayanan manomi, manhajar sito ta riƙa sauke sunayen mutanenta kaɗai kafin ranar rabo. Gobe da safe za mu Bichi, ka taho da littafi da biro.