Kafin ka tura wa iyalinka saƙo, san wanda zai karanta shi

'Ya'yana matasan Tambuwal da Kebbe da kuka fita neman halali a Legas da Ibadan da Abuja, akwai maganar da nake so mu yi kan saƙonnin da kuke turowa gida. Ba zan hana ku son matanku ba, Allah ya ƙara ƙauna. Abin da ke damuna shi ne yadda kalmar da aka rubuta da zuciya ɗaya take isowa gida ta sa mutum ya rasa inda zai sa fuskarsa.

A garuruwanmu wasiƙa ba ta taɓa zama sirrin mutum biyu ba. Lokacin da magidanta ke tafiya cin rani bayan an kai amfanin gona gida, takarda na zuwa ne ta hannun direba ko fasinja, a kira malami ko ɗan makaranta ya karanta ta da ƙarfi a zaure ko tsakar gida. Na yi wannan aikin ina yaro. Mai rubutu ya san kunnuwa da yawa za su ji, don haka yakan fara da gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci, ya tambayi lafiyar tsofaffi, ya bi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce a gai da mutanen gida. Matarsa na bakin murhu kamar ba ta ji ba, alhali ta san wannan gaisuwar ta ƙarshe tata ce, ta kuma san turmin zanen da ya biyo takardar nata ne.

Waya ta zo, amma wannan yanayin bai kau ba. A ƙauyuka da yawa na wajen Kuchi ko Sanyinna ko Jabo za ka tarar waya ɗaya ce ke yi wa gida aiki, tana hannun ƙanen miji, shi ke kai ta caji, shi ke karanta abin da ya shigo. Mace na iya sauke Alƙur'ani ta iya ajami, boko kuwa sai an karanta mata. Saƙon murya ma bai tsira ba, don sau da yawa a fili ake kunna shi kowa na ji.

Ga abin da na gani a wani gida. Ango ya koma wurin aiki a kudu bayan biki. Ya ga yadda abokan aikinsa ke yi wa matansu rubutu, sai ya turo cewa masoyiyata, hasken idona, na kasa barci saboda kewarki, ya kira sunanta, ya rufe da sumba. Ƙanensa ya buɗe, mahaifiyarsu na zaune tana tsince wake, ta ce karanto mu ji ko ya sauka lafiya. Yaron ya fara, ya tsaya a tsakiya. Tsohuwa ta tashi ta shige ɗaki, amarya ta wuni ba ta leƙo ba. Ƙanen miji kuwa abokin wasa ne, daga ranar ya sa mata suna Hasken Ido, sunan ya bi ta har rijiya. Babu haram ko ɗaya a cikin saƙon, amma mutum uku ya kunyata: wadda aka rubuta wa, wanda ya karanta, da uwar da ta ji abin da ba ta so ta ji daga ɗanta. Shi kuwa ango da ya ji shiru, ya ɗauka ba a son sa.

Da ya rubuta haka: ina gai da Inna da kyau, ina roƙon addu'arta, a faɗa wa amarya na sauka lafiya, yajin da ta daka mini shi nake ci, ta faɗi abin da take bukata in aiko ranar kasuwa, da daddare zan kira, a ba ta wayar. Duk wanda ya tashi a nan ya san wannan saƙon cike yake da so. Ya yaba hannunta a gaban uwar miji, ya nuna tana ransa, ya kuma keɓe lokacin da za su yi maganar da ta shafe su su biyu.

Kada wani ya ce addini ne ya hana furtawa. Da Amru ɗan Asi ya tambayi Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, wa ya fi so cikin mutane, ya amsa da sunan Nana A'isha. Akwai kuma hadisin da ya umarci wanda ke son ɗan'uwansa ya sanar da shi. A ƙasar nan tamu, Nana Asma'u 'yar Shehu ta rubuta marsiyya ga Sarkin Musulmi Bello da ya rasu a 1837, da ɗan'uwanta Buhari wanda ya zauna Tambuwal, da mijinta Waziri Giɗaɗo, ba ta ɓoye ƙauna da kewa ba. Kunyar da muke magana a kanta tarbiyyar gidajenmu ce, ta Hausawa da Fulani, irin wadda ke sa mace ta ƙi kiran sunan mijinta, uwa ta ƙi kiran sunan ɗan fari, har ta kau da kai in ana yabon sa. Ba wanda ya taɓa cewa wannan uwar ba ta son ɗanta.

Kowace al'umma da ma'auninta. Ɗalibanmu da suka yi karatu a Masar sun ji yadda Balarabe ke ce wa aboki, har ma mai shago, habibi, ba wanda ya ɗaga kai. Kai kuwa rubuta wa surukinka masoyina ka ga yadda za a kwashe. Ko cikin Hausawa akwai bambanci. Littattafan soyayya da suka bunƙasa a Kano tun shekarun 1980, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da finafinan Indiya da na Hausa, sun saba wa matasa da kalamai masu zafi. Amma ana karanta littafi ne a keɓe, kuma kalaman na wasu ne. Saƙonka da sunanka yake zuwa, a gidanku za a karanta shi.

Ku ma 'yan matanmu da kuka tashi a birni, ga taku. Kin rubuta wa mahaifinki Baba ina son ka, ya amsa da Allah ya yi miki albarka, sai ranki ya sosu. Ɗiyata, amsar ke nan, kuma ita ce mafi tsada a bakinsa. In ya bi da tambayar ko kuɗin makaranta sun isa, to ya faɗa miki sau biyu.

Kai kuma magidanci, za ka gane kalmarka ta yi nauyi idan amsa ta gajarce ta koma sai godiya, ko aka bar abin da ka faɗa aka ɗauko zancen damina, ko matarka ta ce ka daina turowa ta wannan lambar. Kada ka yi fushi, kada kuma ka tsananta tambaya. Sauya hanya kawai.

Idan wayar tata ce ita kaɗai, tana karatu da kanta, yara ba sa ɗauka, to rubuta mata duk abin da ke ranka, hakkinta ne ta ji daga gare ka. Idan kuwa ba haka ba ne, ka tambaye ta wa ke karanta mata, ka rubuta abin da wannan mutumin zai iya faɗa a gaban Inna ba tare da muryarsa ta sarƙe ba. Sauran ka bari sai ka kira, ko sai ka dawo gida da Salla.