Yadda Ake Karanta Hoton Ruwan Damina

A wajen malamin gona, nan Cadakori ko can Gidan Rumji, mutum kan ga takarda manne da bango, an zana mata sanduna a tsaye, wasu dogaye wasu gajeru. Lissafin ruwan sama ne, kuma wanda ya iya ƙirga kuɗi ya iya karanta shi.

Kada ka fara da sandunan. Fara da layin ƙasa, wanda ke kwance: nan watanni suke, kowane wata da sandarsa. Sau da yawa harafin farko kawai ake sawa da Faransanci, J F M A M J J A S O N D, don haka sai ka ƙirga daga hagu. Na shida Yuni ne, na bakwai Yuli, na takwas Agusta.

Sai layin hagu da ke tsaye, mai lambobi 0, 50, 100, 150, 200. A samansa za ka ga mm, wato milimita. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya ta zuba a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. Lambar da ba a faɗi ma'auninta ba, ba ta gaya maka kome ba.

To, a ce sandar Yuli ta tsaya tsakanin 100 da 150, daidai tsaka. Ɗora karan gero a kan sandar, a kwance sambal, har ya taɓa layin hagu: 125 ke nan. Ta Agusta kuwa a ce ta kai 200, ta Yuni 50. Agusta ya ninka Yuni sau huɗu, tsayin ma haka zai nuna. Tsayi kaɗai ake dubawa. Kaurin sanda da launinta ado ne. Inda babu sanda, kamar Janairu, ba mantuwa aka yi ba, ruwa ne bai sauka ba.

Amma a kula da gindin layin hagu, don nan ake yaudarar ido. In an fara shi daga 100 maimakon 0, sandar Yuli za ta tashi da 25 kawai, ta Agusta da 100. Sai ka ɗauka ruwan Agusta ya ninka na Yuli sau huɗu, alhali ko ninki biyu bai kai ba.

Kuma sandar, jimillar wata take faɗi, ba ranaku ba. Milimita 125 na iya sauka sau takwas a rarrabe, ko kuma sau biyu kamar da bakin ƙwarya, sannan fari na mako uku ya ƙone shuka. Tsayinsu ɗaya a takarda. Mai son sanin wannan sai ya roƙi malamin gona ya buɗe masa littafin awon kullum.