Idan Aka Aiko Hoto Aka Ce "A Gyara Shi Ya Yi Kyau"

Duk wanda ya zauna a shagon hoto, ko kuwa ya shahara a unguwarsu da iya sarrafa waya, ya san irin saƙon nan da kan zo masa safe da yamma, wato hoto guda da 'yan kalmomi a ƙarƙashinsa cewa a taimaka a gyara shi ya yi kyau, ba tare da an faɗi abin da ya lalace a cikinsa ko inda za a kai shi ba. Alhali kuwa gyaran hoto ba abu ɗaya ba ne, domin aƙalla akwai ayyuka huɗu da mutane kan nufa da wannan magana: daidaita haske, da yanke gefe, da cire bayan hoto, da kuma shafe tabo ko aibi. Kowannensu yana da amfaninsa da illarsa, kuma ba daidai suke da nauyi ba, gama biyun farko suna fito da abin da yake cikin hoton tun asali, biyun ƙarshe kuwa suna sauya haƙiƙarsa. Saboda haka ƙa'idar da za mu bi a wannan babi ita ce, mai gyara yana da ikon yin na farkon bisa ga ganin idonsa, amma na ƙarshen sai da izinin mai hoto.

Kafin ka taɓa kome, wajibi ne ka ajiye asalin hoton a gefe ka yi aiki a kan kwafinsa. Dalili kuwa shi ne yawancin hotunan waya nau'in JPEG ne, wanda duk lokacin da aka gyara shi aka sake adanawa yakan zubar da wani abu daga ingancinsa, abin da ya zube kuma ba ya dawowa. Bayan haka sai ka yi tambaya guda, wadda ta fi dukan dabarun na'ura amfani: me za a yi da hoton? Hoton da za a liƙa a takardar neman aiki, da wanda za a sa a firam a rataye a falo, da na takalman da 'yar kasuwa take son tallatawa, duk ana iya aiko su da kalmomi iri ɗaya, amma maƙasudinsu ya sha bamban, gyaransu ma haka.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Wata baiwar Allah ta aiko hoton mahaifinta ta WhatsApp, dattijo ne baƙi, sanye da farar babbar riga da hula, yana tsaye a ƙofar zaure da hantsi, rana tana bayansa. Fuskarsa ta yi duhu har ba a rarrabe idanunsa sosai, rigar kuwa tana ƙyalli. A gefen hagu ga rabin babur ya shigo, a bango kuma ga wayar lantarki ta ratso ta bayan hularsa. Da mai shago ya tambaye ta, "Hajiya, a waya za a ajiye shi ko wankewa za a yi?" sai ta ce so take a wanke shi babba, mai inci 8 da 10, a sa a firam.

Aibin da ya fi girma a nan duhun fuska ne, don haka da haske za a fara. Sai dai a nan ne sababbin hannu suka fi yin kuskure, domin sukan kama ma'aunin da aka rubuta wa Brightness su ja shi sama, shi kuwa wannan ma'auni hoton gaba ɗaya yake haskakawa, fuska da riga da sararin sama, ta yadda kafin fuskar ta bayyana rigar ta riga ta ƙone ta koma farin fili, aikin allurar da ke wuyanta ya ɓace. Abin lura shi ne, na'ura tana auna hasken kowane ɗigo na hoto da lamba daga 0, wato baƙi ƙirin, zuwa 255, wato fari fat, kuma wurin da ya kai 255 babu sauran zane a cikinsa da za a ceto. Hanyar da ta dace ita ce a ɗaga Shadows, wanda yake haskaka wuraren duhu kaɗai, sannan a ɗan sauke Highlights domin a riƙe aikin rigar. Waɗannan ma'aunai biyu suna nan a manhajar Snapseed cikin sashen Tune Image, suna kuma nan a yawancin wayoyi a wurin gyaran hoto. Ana ɗagawa sannu a hankali, ana duban kumatu da goshi, kuma da zarar an ga wasu ƙananan ɗige-ɗige masu launi sun fara fitowa a fata kamar yashi, ko kuwa fatar ta fara komawa toka-toka, to an wuce iyaka, sai a koma baya kaɗan.

Akwai wani abu da ya kamata a faɗa a fili a wannan gaɓa. Haskaka fuskar da inuwa ta rufe daban ne da sauya launin fatar mutum. Wasu masu shago sun ɗauki al'adar mayar da kowa fari, suna zaton shi ne kyau, har dattijo ya karɓi hotonsa jikokinsa su yi ta dubawa suna shakka. Mizanin da za ka riƙe shi ne, idan wanda ya san mutumin ya kalli hoton, ya ga launin da ya saba gani a fuskarsa cikin inuwar bishiya da rana tsaka.

Daga nan sai yanke gefe, wanda a manhaja ake rubuta masa Crop. A ido shi ne mafi sauƙi, kuma sau da yawa shi kaɗai kan wadatar, gama rabin babur ɗin nan da ya ɓata hoton, yankewa za ta fitar da shi ba tare da an shafe kome ba. Amma yankewa tana da farashi, kuma sai da ɗan lissafi ake gane shi. Hoto an gina shi ne da ƙananan ɗigo da ake kira fiksel, kuma domin ya fito tsaf a takarda ana so kowane inci ya sami kamar 300 daga cikinsu, ko da yake hoton bango, da yake daga nesa ake kallonsa, 200 ma sukan isa. Hoton Hajiya ya iso da fiksel 1200 a faɗi da 1600 a tsawo, domin WhatsApp yakan matse hoto idan an tura shi ta hanyar da aka saba. In aka raba 1200 da inci 8, kowane inci ya sami 150 ke nan tun ba a yanke kome ba, in kuwa aka yanke ya zama daga ƙirji zuwa sama, abin da zai rage ba zai kai 100 ba, sai hoton ya fito dishi-dishi. Maganin wannan ba ya hannun mai gyara, yana wayar mai hoto: sai a roƙe ta ta sake turo shi ta hanyar Document, wadda ba ta matse shi. Da asalin ya zo, sai ga shi 3000 da 4000, kamar yadda wayoyi da yawa suke ɗauka. Yanzu ko an yanke shi ya koma 1800 da 2250, kowane inci yana da 225, wanda ya isa firam.

Ka kuma lura da siffar takardar. Hoton waya galibi kashi 3 ne a faɗi da 4 a tsawo, takarda mai inci 8 da 10 kuwa kashi 4 ne da 5, saboda haka ko ba ka yanke da hannunka ba injin wanki zai yanke maka, kuma ba ya tambaya ko saman hula ne ya faɗa a bakin. Gara ka zaɓi 4:5 tun a manhaja, ka bar ɗan fili a saman kai, domin bakin firam ma yakan ci kaɗan. Kada kuma yankan ya faɗa daidai kan wuya ko gwiwar hannu ko wuyan hannu, domin yakan sa mutum ya zama kamar an datse shi.

Cire bayan hoto kuwa, a wannan misali babu bukatarsa, kuma yin sa ba tare da an nema ba ɓarna ce, domin wataƙila ƙofar zauren nan ita ce rabin abin da Hajiya take so ta riƙa gani, gidan da aka haife ta ke nan. Inda wannan aiki yake da muhalli shi ne hoton kayan sayarwa, ko katin gayyata, ko hoton da za a haɗa da rubutu. Idan za a yi shi, sai a faɗaɗa hoton a bi gefunansa da ido, domin a nan ne aibinsa yake ɓuya: bakin mayafi mai shara-shara yakan tafi tare da bango, kunne yakan gutsure, launin tsohon bangon yakan bar siririn zobe kewaye da kafaɗa, farar riga kuma in aka ɗora ta a kan farin baya sai ta narke a ciki, kai ya zama kamar yana shawagi. Wanda yake son bayan ya zauna babu kome sai ya adana hoton a nau'in PNG, gama JPEG ba ya riƙe fili marar launi, cike shi yake yi. Game da hoton fasfo da na biza, a yi hattara ƙwarai, domin hukumomi da yawa ba sa karɓar hoton da aka sauya da na'ura. Na bizar Amurka, alal misali, sharaɗinsa inci 2 da 2 ne, da baya fari ko mai kusa da fari, kuma ba a yarda a taɓa kamannin mutum ba. Abin da ya fi aminci shi ne a tsayar da mutum gaban farin bango a sake ɗauka.

Saura shafe tabo, wanda ake yi da Healing a Snapseed, ko Spot Healing Brush da Clone Stamp a Photoshop. Yadda yake aiki shi ne na'ura takan ɗebo launi daga kusa ta rufe wurin da aka nuna mata, don haka yana kyau a kan ƙaramin abu da ke tsakiyar fili, kamar wayar lantarkin nan da ta ratsa bango, amma in aka matso da shi bakin hula sai ya jawo launin hular ya dama shi da na bango. Ana gane aikin da ya wuce kima idan fata ta yi sumul babu ko ramin gashi, ko kuwa idan zane ɗaya ya maimaita kansa sau biyu a bango.

Fuska kuwa amana ce, kuma hukuncinta shi ne a rarrabe abin da yake mai wucewa da abin da yake na mutum. Ƙurjin da ya fito jiya, da ƙurar da ta hau gilashin kyamara, da ƙudan da ya sauka a kafaɗa, waɗannan ba laifi a share su in mai hoto ya yarda. Amma zanen gado da wanzami ya yi masa tun yana jariri, da tabon sujada a goshi, da furfurar gemu, da wushirya, da tamojin tsufa, duk suna cikin abin da iyalinsa suke gane shi da su, mai gyaran da bai san asalinsu ba kuwa yana iya ɗaukar zane a kan tabon rauni ya goge shi cikin daƙiƙa guda. A hoton dattijon nan akwai tsaga uku a kowane kunci, sai aka bar su yadda suke.

Idan ya zamana mai hoto bai amsa tambayarka ba, ga shi kuma lokaci ya ƙure, to ka daidaita haske, ka miƙe hoton in ya karkace, ka yanke gefe kaɗan, ka tsaya nan. Sannan ka tura masa tare da asalin, da ɗan bayani irin wanda mai shagon ya rubuta wa Hajiya: "Na haskaka fuskar Baba, na kuma yanke babur ɗin. Ban taɓa fuskarsa ba, ban kuma cire zauren ba. In kina son a sa masa wani bayan dabam, sai ki faɗa mini launin da kike so kafin a kai wanki."