Daga Garhanga zuwa Madawa: yadda ake lissafa awoyin tafiya

Idan ka tambayi mai moto a Garhanga ko Madawa da nisa, zai ce maka "nan kusa ne, yanzu za mu kai". Wannan amsa ba ta da laifi sai ranar da kake son cim ma motar Maraɗi ko ta Ƙonni a kan babbar hanyar da ta ratsa Madawa, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram. A ranar, "yanzu" ba ta isa ba, sai an sa lamba. Lissafin bai wuce rabawa ɗaya ba:

lokaci = nisa ÷ matsakaicin gudu

Rabawar ba ta da wuya. Inda ake faɗuwa shi ne lambobin da ake zuba mata, da yadda ake karanta amsarta.

Mataki na farko: samo nisan hanya a kilomita. Nisan da taya za ta taka ake so, ba miƙaƙƙen layin da aka ja a taswira ba. A ƙasar Adar, inda hanya ke kewaye tsauni ta gangara kwari ta sake haurawa, tsakanin biyun akwai rata sosai. Hanya mafi sauƙi ita ce ka duba lambar da ke ƙirga kilomita a gaban moto ko mota lokacin tashi, ka sake dubawa da isa, ka cire ta farko daga ta biyu. A lura, wasu motocin da aka shigo da su daga Amurka ko Ingila da mil suke ƙirgawa, kuma mil ɗaya ya kai kusan kilomita 1.6. Don misalinmu, mu ƙaddara tafiyar kilomita 90 ce.

Mataki na biyu: gano matsakaicin gudu. Nan ne ya kamata a daɗe. Abin da allurar gudu ta nuna sa'ad da direba ya samu shimfiɗaɗɗiyar hanya ya taka mai ba shi ne matsakaici ba. Allura na iya taɓa 80 na minti biyar, sannan ta sauko 15 a cikin yashi, ko a bayan garken awaki ko amalanken jaki. Matsakaicin gudu shi ne duk nisan da aka ci, a raba shi da duk lokacin da aka yi ana tafiya. Don haka auna shi ake yi, ba tambayar direba ba, domin direba gudunsa mafi kyau yake tunawa.

Ga yadda ake aunawa. Ranar da ka yi wata tafiya a irin wannan hanya, riƙe kilomita da mintoci. Ka ninka kilomita sau 60, ka raba da mintocin. Wanda ya ci kilomita 28 cikin minti 48, to 28 × 60 = 1680, a raba da 48 a samu 35. Matsakaicin gudunsa kilomita 35 ne a awa, ko da ya rantse allura ta kai 70.

Mataki na uku: raba. Mu ce matsakaicinmu kilomita 40 ne a awa. 90 ÷ 40 = 2.25.

Mataki na huɗu: mayar da guntun mintoci. Wayar hannu za ta nuna maka 2.25, ido kuma ya karanta "awa biyu da minti ashirin da biyar". Kuskure ne. Waya da ɗari take raba abu, agogo kuwa da sittin. Abin da ke bayan ɗigo sai an ninka shi sau 60: 0.25 × 60 = minti 15. Amsar ita ce awa 2 da minti 15. Yana da kyau a haddace uku: 0.25 kwata ne, 0.5 rabin awa, 0.75 minti 45. Wanda ya karanta 1.75 a matsayin awa ɗaya da minti saba'in da biyar, shi kansa zai ji abin bai zauna ba.

Mataki na biyar: yanka hanyar gida-gida idan ba iri ɗaya ba ce. Da wuya kilomita 90 a wannan yanki su zama abu guda. Mu ce 30 na farko duwatsu ne da kwari, inda ba a wuce kilomita 20 a awa, sauran 60 kuma hanya ce mai kyau da ake yin 60 a awa. Mai gaggawa zai ce tsakanin 20 da 60 ai 40 ne, ya koma kan awa 2 da minti 15 ɗin nan. Bari mu yi kowane yanki daban:

30 ÷ 20 = 1.5, wato awa ɗaya da rabi.
60 ÷ 60 = 1, wato awa ɗaya.

Jimilla awa 2 da minti 30. Kwata guda ya fito daga inda ba a zata ba. Dalilinsa shi ne an fi daɗewa a cikin mummunan yankin, ko da yake shi ne gajere, saboda haka shi ke jan matsakaicin ƙasa. Matsakaicin gaskiya 90 ÷ 2.5 ne, wato 36. Lokuta ake tarawa; ba a haɗa gudu biyu a raba gida biyu sai idan an ɗauki lokaci daidai a kowanne.

Wannan lissafi yana tona wani abu da nake so masu tuƙi su gani. Idan direba ya ƙara wuta a hanya mai kyau daga 60 zuwa 80, kilomita 60 ɗin za su ɗauke shi minti 45. Ribarsa minti 15 kacal, da ƙarin shan mai da kasada. Amma idan damina ta sauka, wajen Yuli ko Agusta, mummunan yankin ya koma kilomita 15 a awa, 30 ÷ 15 = awa 2, an yi asarar rabin awa. Abin da laka ta ci, gudun kwalta ba ya biyansa duka.

Mataki na shida: ƙara tsaye-tsaye. Rabawa ba ta san da su ba. Mu ce shan mai minti 10, shingen jandarma minti 10, sauke fasinja da buhunan albasa a hanya minti 15. Minti 35 ke nan a kan awa 2 da minti 30, ya zama awa 3 da minti 5. Idan kuwa gudun da ka auna a mataki na biyu ka haɗa shi da tsaye-tsayen ranar, kada ka sake ƙara su, za ka ƙirga sau biyu. Motar haya da ba ta tashi sai ta cika, jiranta a tasha lissafi ne na daban, haka ma ƙoramar da ta kawo ruwa bayan an yi ruwan sama: nan gudu sifiri ne, ba abin da za a raba, sai ruwa ya janye.

Mataki na bakwai: ƙirgo baya daga lokacin da kake son isa. Kana son ka kasance a tashar Madawa ƙarfe 10 na safe. Cire awa 3, saura ƙarfe 7. Cire minti 5, ya zama 6:55. Ni dai a irin wannan hanya nakan ƙara rabin awa saboda faci, in tashi wajen 6:25.

In babu waya ko takarda a hannu, juya lissafin zuwa minti nawa kowace kilomita ke ci. A gudun 60, minti ɗaya. A 40, minti ɗaya da rabi. A 30, minti biyu. A 20, minti uku. Mai tafiya a ƙasa da ke yin kilomita 5 a awa, minti 12 ne. Gwada da misalinmu: kilomita 30 sau minti uku 90 ne, kilomita 60 sau minti ɗaya 60 ne, jimilla minti 150, awa biyu da rabin nan dai. Da wannan kuma za ka gane tun kana hanya ko lissafinka ya kauce: idan awa ɗaya ta cika a cikin duwatsu ba ka ci kilomita 20 ba, kira wanda ke jiranka a Madawa ka ce ya saya maka tikitin mota ta gaba.