Kafin ka sayi baƙin mai ta hoto

Ɗana, tunda yanzu masu sayar da baƙin mai hoto suke turo maka a waya kana nan Hanwa, ka aika kuɗi a kawo maka daga Sabon Gari, zauna in gaya maka abin da za ka nema.

Kada ka yarda da hoton gaban galan kawai. Ka ce a ɗauko maka murfin daga kusa. A ƙasan murfi akwai zoben roba da wasu ƴan siraran haƙora suka haɗa shi da murfin, kuma buɗewar farko ita ke tsinka su. Masu jabu sukan tsinto galan na asali a garejin makanikai, su ɗura masa man da aka juye daga wani inji ko ɗanyen mai marar sinadari, sannan su manna zoben da gam. Ka ƙara girman hoton. In ka ga fari-fari kamar gishiri a tsakanin murfi da zobe, ko zoben ya karkace, ko wuyan galan yana da maiƙon da ya kama ƙura, to an taɓa buɗe shi. Wannan nau'in ya fi ba ni tsoro, domin takardarsa da robarsa duk na gaske ne.

Wanda aka ƙera tun daga tushe kuwa, jikinsa ke tona shi. Takardar takan zauna a karkace, ko ta yi kumburin iska, ko gefenta ya ɗago. Layin ɗinkin roba da ya sauko ta gefe yakan yi kaushi da tsiro, rubutun da ke gindin galan kuma ya dusashe. Ganin tambarin hukumar SON kada ya kwantar maka da hankali, shi ma bugawa suke yi.

Sai cikar mai. Galan da yawa suna da siririn layi a gefe da ake hango mai ta cikinsa. Ka ce a jera uku daga kwali ɗaya a kan tebur, a ɗauke su daidai tsayinsu, ba daga sama ba. Injin kamfani kai ɗaya yake cikawa. In galan mai lita 4 ɗaya ya kai wuya, na kusa da shi ya gaza da faɗin yatsa biyu, hannu da mazurari ne suka yi aikin.

Amma ka sani, hoto yana iya kama jabu, ba ya iya wanke mai. Ana iya turo maka na gaske a kawo maka wani. Don haka ranar juye ka tsaya da ƙafarka gaban bakanike, ka murɗa murfin da hannunka ka ji ƙarar tsinkewar zoben, in akwai farar ledar da aka like baki da ita ka duba ko ta zauna lif. In an gama, ka sa wuƙa ka huda galan ɗin kafin ka bar shi a gareji.