Sharaɗin Fos Majo: Iyakar Uzurin Da Yake Bai Wa Mai Alkawari

Sau da yawa attajiri ko ɗan kwangila yakan zo wurin lauya cikin damuwa, ya ce yaƙi, ko ambaliya, ko rufe iyaka, ya shiga tsakaninsa da cika alkawarin da ya sa wa hannu, yana kyautata zaton cewa sharaɗin nan da ake kira fos majo ya riga ya sauke masa nauyi baki ɗaya. Alhali kuwa wannan sharaɗi, wanda asalinsa daga dokar Faransa yake, rangwame ne mai ƙa'idoji, wanda ba ya amfanar kowa sai wanda ya san haddinsa.

Manufarsa ita ce, idan wani al'amari ya auku wanda ya fi ƙarfin mutum, bai kuma iya hango shi ba ranar da aka ƙulla yarjejeniya, ba shi kuma da wata dabara ta kauce wa sharrinsa, to ba za a ɗora masa diyya ba saboda jinkiri ko gazawa. Galibi dakatar da wajibin ake yi har larurar ta gushe. In ta zarce wa'adin da aka ambata, sai ya halatta a warware cinikin. A ƙasashen da suka gaji dokar Faransa, irin su Nijar, doka ce da kanta ta ba da wannan uzuri, amma a Najeriya da sauran masu bin tafarkin shari'ar Ingila, abin da aka rubuta a takarda shi alƙali zai duba, wanda kuwa bai rubuta ba, ƙofar da ta rage masa mai ƙunci ce ƙwarai. Malaman fiƙihu ma sun san makamancin wannan a babin ja'iha, inda mazhabar Malikiyya ta ce a rage wa mai saye kuɗi idan annoba ta halaka sulusin 'ya'yan itacen da ya saya a kan bishiya, ko fiye.

Wata shari'a ta gyada za ta fayyace mana haddin abin. A watan Oktoba na 1956 wani kamfani ya sayar da tan 300 na gyadar Sudan a kan fam 50 kowane tan, bisa sharaɗin zai yi lodinta a Fot Sudan cikin Nuwamba ko Disamba zuwa Hambag ta Jamus. Takardar ta ce idan yaƙi ko wani abin da ya fi ƙarfi ya hana lodi, za a ƙara wa'adin da bai wuce wata 2 ba, bayan nan a soke ciniki. Farkon Nuwamba sai aka rufe mashigin Suwez saboda yaƙi, babu hanya sai a kewaya ta ƙuryar kudancin Afirka, ladan jirgi kuma ya tashi daga wajen fam 7 da sule 10 zuwa fam 15 a kan kowane tan. Masu sayarwa suka ƙi lodi, suka fake da sharaɗin. Da magana ta kai kotun ƙoli ta Ingila, sai ta yanke hukunci a 1961 cewa ba abin da ya hana a zuba gyada a jirgi, kuma wata hanyar tana nan a buɗe ko da ta fi tsawo da tsada, saboda haka sun saɓa alkawari, diyya ta hau kansu.

To, wanda irin wannan ta same shi, ya fara da karanta sharaɗin da natsuwa, ya ga ko an ambaci abin da ya auku, kuma ko lafazin ya ce hanawa ne ko jinkirtawa, domin tsada da hasarar riba kaɗai ba sa zama uzuri, haka kuma rashin kuɗi galibi ba ya ɗauke bashi. Sa'an nan ya sanar da abokin cinikinsa a rubuce, cikin kwanakin da takardar ta ƙayyade, yana bayyana abin da ya faru, da wajibin da ya shafa, da tsawon lokacin da yake tsammani, gama jinkirin sanarwa yana iya tozarta haƙƙi. Ya adana hujjoji, kamar sanarwar hukuma da wasiƙun masu sufuri, ya nemi wata hanyar cikawa iyakar iyawarsa, ya kuma ci gaba da duk ɓangaren aikin da larurar ba ta taɓa ba.

Ya kai mai karatu, kada ka dakatar da aiki ko ka soke ciniki sai ka nuna wa lauya takardarka, domin wanda ya yi da'awar wannan uzuri, a kansa hujja take.